Yadda ake haɗa jerin sunayen masu yiwuwar saye, a tantance shi, a karɓi kuɗi kan kowane suna

Kamfanin da yake sayar wa wasu kamfanoni kaya ko manhaja yana da ma'aikatan da aikinsu kira da tura imel. Albashinsu mai tsada ne, saboda haka kamfanin ba ya so su ɓata rabin yini suna laluben wanda za su kira. Sai ya ɗauki wani daga waje ya haɗa masa jerin sunaye: ga kamfani, ga mutumin da yake da ta cewa a ciki, ga adireshin imel ɗinsa da aka tabbatar yana aiki. Akan biya ka ne kan kowane sunan da ya cika sharaɗi. Nan gizo yake saƙar, domin sunan da ka sha wahala a kansa amma mai aiki ya ce bai cika sharaɗi ba, ko sisi ba za ka gani a kansa ba. Don haka rabin wannan sana'a bincike ne, ɗaya rabin kuma iya kafa hujja cewa kowane layi da ka miƙa ya cancanci kuɗinsa.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wani kamfani yana sayar da manhajar bin diddigin manyan motoci, yana kuma neman sunaye 100 a kamfanonin jigilar kaya na wata ƙasa guda. Duk alƙaluman da za su zo a misalin na kwatanci ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya.

Mataki na farko: a rubuta sharaɗin kafin a taɓa komai

Idan mai aiki ya ce yana son "sunaye masu kyau a harkar sufuri", bai faɗa maka komai ba tukuna. Abu na farko da za ku warware shi ne me ake saye. Akwai matakai uku da ake yawan cakuɗawa. Na ɗaya, suna da muƙami da adireshin da aka tantance. Na biyu, mutumin da aka tuntuɓa ya amsa yana son ƙarin bayani. Na uku, wanda ya yarda a sa ranar ganawa. Kuɗin na uku ya ninka na ɗaya sau da yawa, domin aikinsa ya ninka. Wannan jagora kan na ɗaya take, kuma wajibi ne takardarku ta faɗi haka ƙarara, don kada ranar biya a ce maka ai mutanen ba su amsa ba. Amsawarsu ta dogara da saƙon da masu sayarwa suka rubuta da kayan da suke tallatawa, kuma babu ɗaya daga ciki da yake hannunka.

Daga nan sai sharaɗin kansa. Kowace jimla a ciki ta zama wadda za a iya amsa ta da i ko a'a. A misalinmu zai iya zama haka: kamfanin jigila ne mai motocin kansa, ba dillalin da yake haɗa masu kaya da masu mota ba, ma'aikatansa tsakanin 50 da 250, mutumin shugaban sashen motoci ne ko daraktan ayyuka, idan babu ko ɗaya sai mai kamfanin, suna ɗaya kacal a kowane kamfani, adireshin na mutumin ne shi kansa, ba irin `info@` ko `sales@` ba, an duba shi cikin kwana 14 kafin miƙawa.

Maganar dillali ba ƙaramar magana ba ce. A kundin rajista da shafukan sada zumunta na ma'aikata, dillalin jigila da mai motoci sukan faɗa rukuni guda, alhali wanda ba shi da mota ko ɗaya ba ya da abin da zai yi da manhajar bin diddigin mota. Irin wannan bambanci ba ya fitowa sai ka tambayi mai aiki: su waye kwastomominka biyar da suka fi, kuma wa ka taɓa ɓata lokaci a kansa bai saya ba? Amsar tambaya ta biyu ta fi amfani.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, ka nemi jerin waɗanda za a cire: kwastomominsa na yanzu, waɗanda ake cikin magana da su, da waɗanda suka ce kada a ƙara tuntuɓarsu. Ba sai ya ba ka sunayen mutane ba, domen ɗin kamfanonin ya isa, wato ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @. Ku rubuta cewa duk sunan da ba ya cikin wannan jeri ranar da aka fara aiki, ba za a ƙi biyansa daga baya da hujjar "dama muna da shi" ba.

Mataki na biyu: kamfanoni tukuna, mutane daga baya

Sabon shiga yakan buɗe manhajar laluben bayanan ma'aikata, irin su Apollo ko LinkedIn Sales Navigator, ya rubuta muƙami, ya kwashe duk abin da ya fito. Wannan hanya tana da sauri, amma tana cika jeri da mutanen da muƙaminsu ya yi daidai, kamfaninsu bai yi ba. Gara ka fara da kamfanoni. Kundin rajistar kamfanoni na hukuma, irin su Companies House na Birtaniya wanda kowa yake iya dubawa kyauta, yana nuna ko kamfani yana raye da sunayen daraktocinsa. Jerin mambobin ƙungiyoyin masu sana'ar da jerin waɗanda suka kafa rumfa a baje kolin masana'antar su ma suna da amfani, don wanda ya biya kuɗin rumfa bana da wuya a ce ya rufe.

Ka buɗe shafin lissafi, kowane kamfani layi guda, ka mai da domen ya zama abin da kake gane kamfani da shi. Sunan kamfani yakan zo da rubutu iri uku ko huɗu, domen kuwa ɗaya ne. Ka tsabtace shi, sannan ka gwada shi da jerin cirewa. A nan domen yana B2, lissafin farko ya shiga C2, jerin cirewa kuma yana ginshiƙin A na shafi mai suna Cire:

```
=LOWER(TRIM(B2))
=COUNTIF(Cire!A:A, C2)
```

Na farko yana share sarari ya mai da haruffa ƙanana. Na biyu, idan ya ba da abin da ya wuce sifili, kamfanin yana cikin jerin cirewa, sai ka ajiye shi gefe tun kafin ka ɓata minti ɗaya a kansa.

A misalinmu an tattaro kamfanoni 300. Jerin cirewa ya ɗauke 40, saura 260. Sai ka shiga shafin kowanne ka duba da idonka. Akwai hoton motoci masu ɗauke da sunan kamfanin? Suna neman direbobi a shafin ɗaukar ma'aikata? Sun ambaci yawan motocinsu ko garejinsu? Kamfanin da shafinsa yake ta maganar "abokan hulɗarmu masu motoci" galibi dillali ne. A nan wasu 50 suka faɗi, ko don dillalai ne, ko sun yi ƙanƙanta, ko wani ya saye su. Saura 210.

Mataki na uku: gano mutumin

Ga kowane kamfani, ka nemi wanda yake riƙe da muƙamin yau, ba wanda ya riƙe shi shekara biyu da suka wuce ba. Rumbunan bayanai na kasuwanci sukan yi jinkirin sabuntawa, mutane kuwa kullum cikin canza aiki suke. Ƙa'idar da ta fi kwanciyar hankali ita ce shaida biyu daga wurare daban: shafin mutumin na LinkedIn ya ce har yanzu yana wurin, sannan shafin kamfanin ko wata sanarwa ta kwanan nan ta ambace shi. Idan shaida ɗaya ce kawai kuma ta tsufa, ka kira babban layin kamfanin ka tambayi mai ɗaukar waya wa yake kula da motoci. Ba sai ka yi ƙarya game da ko kai waye ba, tambaya ce ta minti guda.

Muƙami yana yaudara. A kamfani mai ma'aikata 60, wanda ake kira manajan ofis zai iya zama shi yake sayen komai. A mai ma'aikata 240, akan sami shugaban motoci a kowane reshe, amma sa hannu na daraktan ayyuka ne a hedikwata. Idan ka ci karo da irin wannan, ka tambayi mai aiki sau ɗaya, ka rubuta amsarsa a takardar sharaɗi ta zama ƙa'ida.

A lura kuma, sharuɗɗan amfani da LinkedIn sun hana kwashe bayanai da manhajar da take yi da kanta, kuma sukan taƙaita ko su rufe asusun da suka kama. Ga mai wannan sana'a, rasa asusu rasa jari ne.

Cikin kamfanoni 210, an kasa gano takamaiman mutum a 45. Saura 165.

Mataki na huɗu: tantance adireshi, inda aka fi samun rigima

Yawancin kamfanoni suna da tsari guda na adireshi, misali `suna.lakabi@example.com` ko harafin farko da sunan iyali. Idan ka ga adireshin ma'aikaci ɗaya ko biyu a shafinsu ko a wata takarda da suka wallafa, ka san tsarin. Manhajoji irin su Hunter wannan hasashen suke yi maka. Amma hasashe ba tabbaci ba ne, dole a gwada.

Gwajin hawa-hawa ne. Da farko a ga ko domen ɗin yana karɓar imel kwata-kwata:

```
nslookup -type=mx example.com
```

Idan bai nuna wata saba, wato kwamfutar da take karɓar saƙo, ba, ka ɗauka akwai matsala, wataƙila kamfanin da wani domen yake aiki. Bayan haka sai manhajar tantancewa irin su ZeroBounce ko NeverBounce. Abin da take yi shi ne ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar kamfanin kamar mai kawo saƙo, ta ambaci adireshin, ta ji amsa, ta juya ba tare da ta aika komai ba. Idan sabar ta amsa da lamba 250, ta karɓi adireshin. Idan ta amsa da 550, galibi babu mai wannan suna a wurin. Sakamakon yakan fito a allo da kalmomi kamar `valid`, `invalid`, `unknown` da `catch-all`, wasu manhajojin kuma `accept-all` suke rubutawa a madadin `catch-all`.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya kamata ka fahimta sosai. Wasu kamfanoni sun saita sabarsu ta ce "na karɓa" ga kowane adireshi da aka ambata, ko akwai shi ko babu. Kamar maigadi ne da duk sunan da ka faɗa masa sai ya ce ajiye wasiƙar, yana ciki. A irin wannan domen, manhaja ba ta iya bambance adireshin gaskiya da wanda ka ƙago. Kana iya gani da kanka: ka sa adireshin banza kamar `zzq91x@` da domen ɗin a manhajar, idan ba a ƙi shi ba, to amsar da aka ba ka kan adireshin mutuminka ma ba ta tabbatar da komai ba. Daga baya saƙon gaske zai iya isa, ko ya dawo, ko ya ɓace shiru.

Mai gaggawa yakan zuba waɗannan cikin na `valid` don jeri ya cika. Ranar da masu sayarwa suka tura saƙo kashi mai yawa ya dawo, ba sunayen kaɗai aka yi asara ba. Sabobin da suke karɓar imel suna lura da mai aikawa da saƙonninsa suke yawan dawowa, su fara jefa sauran saƙonninsa cikin akwatin shara, har da waɗanda yake aika wa kwastomominsa na gaske. Shi ya sa masu harkar da yawa suke ƙoƙarin riƙe dawowar saƙo ƙasa da kashi 2 cikin 100. Tun Fabrairun 2024 kuma Google da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa, inda Google ya ce ƙorafin da masu karɓa suke yi cewa saƙo shara ne kada ya kai kashi 0.3 cikin 100. Jerin da aka cika da mutanen da kayan bai shafe su ba, shi yake jawo irin wannan ƙorafi.

Abin da ya dace da na `catch-all` shi ne a ware su a shafi daban. Wanda ka samu an rubuta adireshinsa a fili, a shafin kamfani ko takardar da suka fitar, ko mai ɗaukar waya ya tabbatar maka da shi, ya haye zuwa babban jeri tare da hujjarsa. Sauran ka miƙa su da alamarsu a rabin kuɗi, ko ka bar su, gwargwadon yadda kuka rubuta tun farko. Na `unknown` kuwa ka sake gwada su bayan wasu awanni, domin wasu sabobin sukan ƙi baƙo a karon farko da gangan su karɓe shi a karo na biyu.

Daga 165 ɗinmu, 110 sun tabbata, 35 na `catch-all` ne marasa wata hujja, 20 sun mutu.

Mataki na biyar: lissafin farashi

Yanzu ka duba abin da ya faru: kamfanoni 300 aka fara da su, 110 suka kai ga biya, wato kaɗan ya haura kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya yanke farashi yana kallon 300, ya yi wa mai aiki aikin sauran kyauta.

A ce aikin ya ci awa 40, kana son dala 10 kan kowace awa, manhajoji kuma sun ci dala 60. Jimilla dala 460. Cikin 110 za ka miƙa 100, ka riƙe 10 don musanya waɗanda za su dawo. Dala 460 a raba 100, kowane suna ya tashi dala 4.6, kuma wannan shi ne ƙasan da ba za ka sauka ba. Wanda ya raba 460 da 300 zai ce dala 1.5 ta ishe shi, ya tashi da dala 150 a aikin mako guda, 60 daga ciki kuma tuni manhaja ta cinye.

Matsalar ita ce ba ka sanin yawan da za su zube sai ka fara. Maganinta gwaji mai biya: ka ɗauki kamfanoni 30, ka bi duk matakan, ka ƙirga awanni da sunayen da suka tsira, sannan ka faɗi farashin babban aikin. Gwajin yana kuma nuna ko kun fahimci sharaɗin iri ɗaya. Idan mai aiki ya ƙi uku cikin goma da wani dalili da ba ya cikin takarda, gara a gano yanzu a gyara takardar. Ban ga dalilin yin gwajin kyauta mai yawa ba. Sunaye biyar sun isa a ga hannunka, abin da ya wuce haka aiki ne.

Kowane sharaɗi da aka ƙara yana ɗaga farashi, domin yana rage waɗanda za su tsira. Lambar wayar mutum kai tsaye, ko sharaɗin cewa kamfanin yana amfani da wata manhaja takamaimai, kowanne a yi masa kuɗinsa daban. Haka nan keɓewa: idan mai aiki yana so kada ka sayar wa abokin gasarsa irin wannan jeri, a rubuta tsawon lokacin, a kuma saka shi a farashi.

Doka

Dokar da take aiki ta inda mutanen cikin jerin suke ce, ba ta inda kake zaune kaɗai ba. A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ɗauki adireshin aiki mai ɗauke da sunan mutum a matsayin bayanan mutum. Dole a sami hujjar doka ta riƙe shi, a sanar da mutumin inda aka samo bayanansa cikin wata guda ko a saƙon farko, kuma idan ya ce a daina yi masa talla, magana ta ƙare. Wasu ƙasashen Turai, irin su Jamus, sun fi haka tsauri kan imel ɗin talla ba da izini ba. A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003 ba ta buƙatar izini kafin aikawa, amma ta wajabta hanyar ficewa da cika buƙatar cikin ranakun aiki 10. Dokar Kanada ta 2014 kuwa izini take nema, na fili ko wanda doka ta ɗauka an bayar. Saboda haka ka tambayi ƙasar tun a zaman farko, ka tsaya kan bayanan aiki, ka bar adireshin gida da imel ɗin mutum na kansa. Jerin da ake tallatawa na dubban sunaye a kuɗi kaɗan kuma a guje shi, domin ba ka da amsa idan aka tambaye ka asalinsa, kuma irinsa ne yakan ƙunshi adireshin tarko da ake ajiyewa don kama masu aika shara.

Miƙa aiki da karɓar kuɗi

Kowane layi ya tafi da hujjarsa: sunan kamfani, domen, yawan ma'aikata da inda ka gani, sunan mutum da muƙaminsa, adireshi, sakamakon tantancewa, ranar da aka duba, da mahaɗin shafin da ya tabbatar da muƙamin. Ka ajiye fayil ɗin da manhajar tantancewa ta fitar yadda yake. Ka miƙa a tsarin CSV da kanun da suka dace da manhajar kula da kwastomomi ta mai aiki, kashi-kashi, misali 25 a lokaci guda, kada kashi na gaba ya fita sai an biya na baya. Jeri ba kaya ba ne da za ka karɓo abinka idan an ƙi biya, da zarar an buɗe shi an kwafe.

Takardarku ta sa wa'adin ƙorafi, misali kwana 14, da dalilan da aka yarda da su: saƙo ya dawo saboda babu adireshin, mutumin ya bar aikin kafin ranar miƙawa, ko kamfanin ya saɓa wa wani sharaɗi da aka rubuta. Abin da za ka yi shi ne musanya, daga goman da ka riƙe.

Idan aka ce saƙo ya dawo, ka nemi a turo maka rubutun dawowar, domin dalilin yana ciki. Lamba `5.1.1` tana nufin babu wannan adireshi, wannan naka ne, ka musanya ba gardama. Lamba `5.7.1` da danginta galibi suna nufin sabar ta ƙi mai aikawar ne, ko don sunansa ya ɓaci, ko bai saita SPF da DKIM da DMARC, wato shaidun da suke nuna saƙo daga domen ɗinsa ya fito, daidai ba. Waɗanda suka fara da 4 kuwa na wucin gadi ne, akan sake gwadawa. Idan mai aiki ya turo maka dawowa 12, ka duba ka ga 3 ne masu `5.1.1`, sauran 9 na `5.7.1` ne, to uku yake bin ka musanya, sauran taran ka nuna masa lambar ya kai wa mai kula da imel ɗinsu ya gyara kafin a tura wa kashi na gaba.